Zango Mai Yunit Shida

Malama Yagana ta gaji kujerar jami'ar jarrabawa ta sashen kimiyyar sinadarai tare da abubuwa uku: kwamfuta mai jan numfashi kafin ta buɗe, fanka mai kuka, da kuma fayil ɗin lissafin sakamako na cikin kwamfutar da Malam Bappa ya tsara da hannunsa tun lokacin da aka kafa sashen. Jami'ar ƙarama ce, mai zaman kanta, can wajen Tirwun inda sababbin gidaje ke cinye gonaki. Malam Bappa ya zama shugaban sashe, shi ya sa aikin ya faɗo kanta. Da zai miƙa mata fayil ɗin cewa ya yi, "Ki zuba maki kawai, shi zai yi sauran. Bai taɓa ba ni kunya ba." Ita kuma ta yarda, don shi ya koyar da ita, kuma mutum ne da ko biron ofis ya ara sai ya dawo da shi.

A wannan jami'ar akwai al'ada. Duk wanda ya zo na ɗaya a ajin ƙarshe na sashensa, ana riƙe shi a ba shi aikin ƙaramin malami. A garin da masu digiri ke tuƙa Keke Napep, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ta wannan ƙofar Yagana ta shigo shekara biyar da suka wuce, kuma a gidansu har yau idan an yi baƙi sai mahaifinta ya san yadda ya yi ya sako zancen.

Bana ofishin magatakarda ya fito da sabon tsari. A da takardar da ake kai wa majalisar jami'a suna take ɗauka, da matsakaicin maki, da matsayi a aji, shi ke nan. Yanzu an ce a ƙara layi biyu: jimillar yunit ɗin da ɗalibi ya ɗauka, da jimillar makin da ya tara. Malamai suka yi ta gunaguni, wai ƙarin aiki ne kawai na mutanen da ba su taɓa riƙe alli ba. Yagana ma ta yi nata gunagunin, sannan ta ƙara layukan ta buga takardar ranar Laraba da safe, don washegari kwamitin sashe zai zauna a kanta.

Lissafin ba wani abin wahala ba ne. Kowane kwas yana da nauyinsa, wani yunit biyu, wani uku. Sakamakon A maki biyar ne, B huɗu, C uku, haka har ƙasa. Sai a ninka makin da yunit ɗin kwas, a tara duka, a raba da jimillar yunit. Abin da ya fito shi ne matsakaicin ɗalibi, kuma da shi ake jera aji.

Ta ɗora rula a kan layin farko tana bi a hankali, yadda Malam Bappan da kansa ya koya mata. Na ɗaya Mansir, 4.43. Na biyu Kabiru, 4.39. Ta zame da ido zuwa sababbin layukan. Yunit ɗinsu ɗaya, 146 kowanne. Jimillar makin Mansir 639. Na Kabiru 647.

Ta cire tabarau ta goge, kamar laifin nasa ne. Mutum biyu sun ɗauki kaya iri ɗaya, wanda ya fi tara maki kuma shi ne a ƙasa. Wannan ko ɗan firamare ba zai yarda ba. Ta jawo kalkuleta ta raba 639 da 146, ta samu 4.38. Ta raba na Kabiru, ya haye sama da Mansir. Ta sake, wai ko yatsanta ne ya zame. Yatsanta lafiya lau.

Da farko ta yi fatan ita ce ta zuba wani maki a gurbin da ba nasa ba, don wannan gyaran minti biyu ne. Ta bi makin yaran biyu kwas bayan kwas tana gwadawa da takardun da malamai suka sa wa hannu, komai daidai. Sai ta danna gurbin matsakaici don ta ga dabarar da ke ƙarƙashinsa, abin da ba ta taɓa yi ba tunda aka ba ta fayil ɗin. Nan ta gani. Fayil ɗin ba ya raba jimillar maki da jimillar yunit. Matsakaicin kowane zango yake ɗauka, guda takwas, ya tara su ya raba takwas.

Da a ce duk zangunan nauyinsu ɗaya, da hanyoyin biyu amsa ɗaya za su bayar, kuma a sashen zanguna bakwai yunit ashirin-ashirin ne. Amma akwai zango na biyu a shekara ta uku, wanda ɗalibai ke fita koyon aiki a masana'antu da ɗakunan gwaji. Wannan zangon kwas ɗaya ne tak, yunit shida. Fayil ɗin Malam Bappa yana ba shi nauyi daidai da zango mai yunit ashirin. Mansir ya samu A a koyon aiki, Kabiru ya samu B, shi ke nan A ɗin nan ta ɗaga Mansir fiye da ƙarfinta.

Har zuwa nan matsalar Mansir ce, yaron da tun makon jiya ya fara gaida malamai da wata irin tafiya ta abokin aiki. Yagana ta ji tausayinsa na ɗan lokaci. Daga nan sai tunaninta ya dawo kanta. Wannan fayil ɗin ne ya lissafa nasu ajin shekara biyar da suka wuce. Ita ma A ta samu a koyon aiki. Wadda ta zo ta biyu kuwa, da tazarar da ba ta kai a faɗa ba, Lilian ce, ƙawarta tun shekarar farko, 'yar wani tsohon soja, wadda yanzu take tsaron kemis ɗin yayanta a bakin barikin Shadawanka. Kuma Yagana ta tuna sarai Lilian B ta samu, don ranar har kuka ta yi, ta ce mai duba su bai zo wurin aikinta ba sai sau ɗaya.

Tsoro ne ya kama ta, ba wani abu ba. Fayil ɗin shekararsu yana nan cikin kwamfutar, a jere da 'yan'uwansa. Ta kai kibiyar kwamfutar kansa, ta janye. Ta tashi ta sha ruwa. Ta dawo ta gyara takardun da ba su nemi gyara ba. A ƙarshe ta ɗauki takardar bana ta nufi ofishin shugaban sashe, tana gaya wa kanta wai aikin bana ne ke gabanta.

Ta samu Malam Bappa yana ɓare gyaɗa a kan wata tsohuwar jarida. Ta yi sallama, ta gaishe shi ta ɗan rusuna kamar kullum, don har yanzu ba ta iya zama a gabansa sai ya ce ta zauna.

"Malama Yagana, an gama? Kawo in sa hannu."

"Malam, akwai abin da nake so ka duba tukuna."

Ta nuna masa layukan biyu. Ya duba, ya yi murmushi irin na malamin da ɗaliba ta kawo masa tambaya mai sauƙi, ya ce wataƙila wani maki ne ya shige. Ta ce ta bi su duka. Ta faɗa masa abin da ta gani a ƙarƙashin gurbin, muryarta ƙasa-ƙasa kamar ita ta yi laifin. Ya jawo nasa kalkuletan. Ya daɗe yana dannawa, ya fi yadda lissafin yake bukata, gyaɗar da ya ɓare tana tafin hannunsa na hagu ya manta da ita.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce a hankali. "Lokacin da na tsara shi ba mu da 'yan shekara ta uku. Duk zango ashirin ne. Na gwada shi da hannu, ya yi daidai."

"Na sani, Malam."

"Ban sake buɗe cikinsa ba."

Ba ta taɓa ganin tsufansa ba sai a wannan lokacin. Haushinsa take ji, har ga Allah, amma haushin ya rasa wurin zama, don mutumin da ke gabanta bai cuci kowa da niyya ba. Ya yarda da aikin hannunsa ne fiye da kima, sauran malamai kuma suka yarda da shi, kwamiti bayan kwamiti suna sa hannu suna jiran a kawo lemo.

Ya ce ta gyara dabarar, ta sake jera ajin gaba ɗaya, ba na ɗaya da na biyu kaɗai ba, ta duba ko akwai wanda gyaran zai sauke daga wani rukunin digiri zuwa wani. Mansir kuma shi zai kira shi da kansa. Duk wannan daidai ne. Ta tsaya tana jiran sauran, bai faɗa ba.

"Malam, na baya fa?"

Ya ɗago ya dube ta, ta gane shi ma tunaninsa ya riga ya isa can.

"Na baya majalisa ta amince da su, an buga shaidu, mutane sun watse. Gobe zan faɗa wa kwamiti gaskiyar abin da ya faru, ni na yi, ni zan ɗauka. In sun ce a tono, a tono." Ya ture jaridar gefe. "Kin buɗe na shekararku?"

"A'a."

"To kada ki buɗe, 'yata. Ba ke kika lissafa ba. Kin yi digiri na biyu, kina koyarwa, ba wanda ya taɓa kawo ƙararki. Ki bar shi har sai an tambaya."

Ta ce to. Irin "to" ɗin da ake ce wa babba don a samu a fita.

Gyaran bai ɗauke ta lokaci ba. Ta canza dabarar, ta sake jera ajin, ta ɗauki sunaye daga sama da tsakiya da ƙasa ta gwada da kalkuleta. Kusan kowa matsakaicinsa ya ɗan sauka, don yawanci A ko B ake samu a koyon aiki. Wasu sun yi musayar matsayi a tsakiya inda ba wanda zai damu. Allah ya taimaka ba wanda ya faɗo daga rukuninsa. Ta bi jerin daga sama har ƙasa ta tabbatar duk masu yunit iri ɗaya, mai maki da yawa shi ne a sama. Aikin ya yi kyau, ita ce dai ba ta da kyau a ciki.

Ta yi sallar azahar a kusurwar ofis, ta idar ba ta san surar da ta karanta ba. Tana zaune a kan darduma tana lissafin abin da ba a sa ta ba. In kwamiti ya ce a tono, za a ce ta sauka? Ba ta taɓa jin an yi haka ba, amma ba ta taɓa jin irin wannan kuskuren ba ma. In ba a sauke ta ba, yaya za ta shiga ɗakin malamai kowa ya san a kujerar wata take? Mahaifinta fa? Sai kuma wata zuciyar ta ce mata wataƙila ko an gyara ita ce ta ɗaya, tana wahalar da kanta a banza. Wannan fatan ne ya tashe ta daga kan dardumar, ba jarumta ba.

Ta buɗe fayil ɗin. Ga sunanta a sama, 4.30. Ga Lilian a ƙasanta, 4.26. Ta sa kwamfutar ta tara mata maki. Nata 618. Na Lilian 626. Yunit 146 kowacce. Ba ta ma bukatar rabawa, amma ta raba, don hannunta ya samu abin yi. Ita 4.23, Lilian 4.29.

Ta rufe kwamfutar ta zauna. Kunya ta ji, mai nauyi, irin ta wanda ya sa takalmin wani daga masallaci ya yi ta yawo da shi a gari. Ta tuna Lilian ce ta raka ta ɗinkin kayan da ta fara zuwa aiki da su. Ta tuna duk lokacin da ta biya ta kemis tana ƙorafin yawan takardun da za ta duba, Lilian tana sauraro tana ƙirga wa wani ƙwayoyin zazzaɓi a leda.

Gobe maganar za ta fita a kwamiti, kuma maganar da ta fita a kwamitin malamai kafin la'asar ta zaga gari. Ba ta so Lilian ta ji a bakin wani. Ta kulle ofis ta tari Keke Napep. Daga Tirwun zuwa Shadawanka sai an ratsa gari, ga rana, ga cunkoso, ita kuwa so take hanyar ta ƙara tsawo. Ta shirya yadda za ta fara maganar ta rushe, ta sake shiryawa. Sau biyu ta kusa cewa mai keken ya juya.

Kemis ɗin ɗan ɗaki ne tsakanin mai ɗinki da mai sayar da katin waya. Lilian tana bayan kanta tana yi wa wata matar soja bayanin yadda za ta ba yaro maganin tari. Da ta hango Yagana ta washe baki.

"Farfesa! Yau an tuna da mu?"

Haka take kiranta tun ranar da aka ba ta aikin. Yagana ta saba ta yi dariya, yau ta kasa. Ta jira matar ta fita, Lilian ta turo mata kujerar roba ta miƙo mata ruwan leda mai sanyi.

"Lafiya? Fuskarki ba kyau. Baba ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Lilian, magana na zo da ita, ki bari in gama kafin ki ce komai."

Ta faɗa mata, a birkice, ta fara da Mansir da Kabiru waɗanda Lilian ba ta sani ba, ta dawo kan zangon koyon aiki, ta maimaita yunit shida har sau nawa. A ƙarshe ta zo kan lambobin.

"Naki ba 4.26 ba ne. Naki…"

"4.29," in ji Lilian.

Yagana ta tsaya da baki a buɗe.

"Naki kuma 4.23. Na sani ai. Ba tare muke kwafe sakamako daga allon sanarwa ba? Ranar da aka liƙa na ƙarshe na dawo gida na lissafa, nawa da naki. Na sake lissafawa. Na ba yayana ya lissafa."

"Kin sani? Duk shekarun nan?"

"Na sani."

"To me ya hana ki magana?"

Lilian ta ɗaga kafaɗa, ta jawo wani kwali ta fara jera maganin da yake a jere.

"In yi magana da wa? Ke 'yar gari ne, Babanki kowa ya san shi. Ni 'yar bariki. Na ce sun zauna sun zaɓi nasu, shi ke nan. Babana ma haka ya ce, ya ce kar in je in jawo su riƙe mini takarda. Na san ba ke kika sa su ba, shi ya sa ban riƙe ki ba." Ta yi 'yar dariya. "Na yi fushi kamar wata shida, ba ki ma lura ba."

Wannan ya fi komai yi wa Yagana ciwo, don gaskiya ne, ba ta lura ba. Ta matso da kujerarta, tana sauri ta cire wa ƙawarta wannan ƙayar ko da ita kaɗai ce za ta iya cirewa.

"Wallahi ba zaɓa aka yi ba. Ba wanda ya zauna. Kuskure ne a cikin fayil, Malam Bappa bai sani ba sai yau, na ga fuskarsa. Kin san shi. Da wani ya nuna masa a lokacin, a ranar zai gyara."

Ta faɗi haka ne don ta sanyaya mata rai. Sai ta ga hannun Lilian ya tsaya a kan kwalin.

"A ranar?"

"A ranar. Yau ma ko musu bai yi ba."

Lilian ta zauna a kan bencin bayan kanta a hankali. Ta dubi rufin kwanon, ta dubi layin kwalaben da ke gabanta. Wani yaro ya leƙo yana tambayar filasta, ta ce masa babu, alhali ga shi nan a rataye.

"Takardar da na yi lissafin a kai," ta ce, "na sa ta a jaka na je har ƙofar ofishinsa. Yana ciki, ina jin muryarsa. Na tsaya, na tsaya, na ce me zan gaya wa mutumin da ya riga ya san abin da ya yi. Na juya na dawo gida."

Yagana ta miƙa hannu za ta riƙe nata. Lilian ba ta janye ba, ba ta kuma riƙe ba. Hawaye ne ke zubo mata, ba ta share su.

"Da kin bar ni da wancan zaton, Yagana," ta ce. "Wancan na riga na saba da shi."